Tsakanin "Sun Zo" Da "Su Zo": Subhuntibo A Jarrabawar Sifaniyanci

Yaro ya shigo gida da gudu ya ce, "Inna, Baba ya ce baƙi sun zo." Uwar za ta miƙe ta ɗora tukunya. Da cewa ya yi, "Baba ya ce baƙi su zo," ba tukunya za ta nufa ba, ɗan aike za ta nema ya je ya kira su. Harafi ɗaya ne ya raba jimlolin biyu, amma ta farko labari ce, ta biyu kuwa umarni. A ta farko baƙin suna zaure. A ta biyu ƙila ko takalmi ba su sa ba.

Mutumin Madrid ma haka yake rarrabewa. In ya ce *Dice que han venido*, yana nufin "ya ce sun zo". In ya ce *Dice que vengan*, yana nufin "ya ce su zo". Wannan sigar aikatau ta biyu ita ce subhuntibo, wadda ɗalibi zai gani a littattafansa an rubuta *subjuntivo*. Kishiyarta, wadda ake ba da labari da ita, sunanta indikatibo. Masu koyon Sifaniyanci da Turancin Ingilishi a baki sun mai da subhuntibo dodo, saboda a harshen nasu sigar ta kusa ɓacewa. Bahaushe kuwa da ita ya tashi. Masana nahawun Hausa suna kiran tasu umartau: in zo, ka zo, ki zo, ya zo, mu zo, su zo. Duk wanda ya taɓa cewa "Allah ya kiyaye" ya yi amfani da ita. Sai dai Hausar da ke haska wa ɗalibi rabin hanya, ita ce kuma ke jefa shi rami a sauran rabin, kuma a daidai wuraren da masu tsara jarrabawa suka fi son tambaya.

Jarrabawar da aka fi sani ita ce DELE, wadda aka kafa a 1988, Cibiyar Cervantes ke gudanar da ita da sunan ma'aikatar ilimi ta Sifaniya, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Salamanca. Matakanta shida ne, daga A1 zuwa C2, kuma takardar shaidarta ba ta tsufa. A matakan farko biyu mutum zai iya lallaɓawa ba tare da ya ƙware a subhuntibo ba. A B1 take shigowa sosai, a B2 kuma babu maɓoya. Takardar karatu ta B2 tana da minti 70 da tambayoyi 36, kuma aikinta na ƙarshe rubutu ne mai gurabe 14, kowanne da zaɓi uku na nahawu. Takardar rubutu minti 80 ce, ayyuka biyu, kowanne kalma 150 zuwa 180. A can an ba ɗalibi zaɓi ya gane daidai. A nan shi zai ƙera jimlar da hannunsa.

Ƙirar kalmar ba ita ce wahala ba, mako biyu sun isa. Ana ɗaukar sigar "ni" ta lokacin yanzu, a cire *o* ta ƙarshe, a musanya wasali. Aikatau mai ƙarewa da *ar* ya ɗauki *e*, mai ƙarewa da *er* ko *ir* ya ɗauki *a*. *Hablo*, ina magana, ya koma *hable*. *Como*, ina ci, ya koma *coma*. Amfanin farawa daga sigar "ni" shi ne duk wata karkata da ke jikin aikatau tana biyo shi: *tengo* ya ba da *tenga*, *conozco* ya ba da *conozca*. Shida ne kawai suka ƙi bin wannan layi, sai dai a haddace su: *sea*, *esté*, *vaya*, *haya*, *sepa* da *dé*. Sigar da ta shafi abin da ya wuce kuma daga sigar "su" ta shuɗaɗɗen lokaci ake ciro ta, a cire *ron* a sa *ra*: *tuvieron* ya zama *tuviera*, *fueron* ya zama *fuera*. Akwai tagwainta mai *se*, wato *tuviese*, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne. Abin lura kawai shi ne ɗan digon da ake ɗorawa a kan wasali. *Hable* subhuntibo ce, *hablé* kuwa "na yi magana". *Hablara* subhuntibo ce, *hablará* "zai yi magana". Bahaushe bai kamata ya yi mamaki ba, tunda "ka zo" na labari da "ka zo" na umarni rubutunsu ɗaya, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su.

Wahalar tana wajen sanin lokacin da za a yi amfani da ita. Littattafai da yawa suna cewa subhuntibo sigar shakka ce, ko sigar abin da bai faru ba. Wannan bayani yana da rauni, kuma wanda ya dogara da shi zai sha ƙasa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne: da indikatibo mai magana yake shaida cewa abu haka yake, ko haka yake zato. Da subhuntibo yana ambaton abin ne kawai, bai sa hannu a kansa a matsayin labari ba. Ko yana so ya faru, ko yana musanta shi, ko yana faɗin yadda ya ji game da shi, ko lokacinsa bai zo ba tukuna.

A fagen so da umarni da manufa, Hausa da Sifaniyanci kamar tare aka yaye su. "Ina so ka zo" shi ne *Quiero que vengas*. "Kada ka zo" shi ne *No vengas*. "Domin ka zo", *para que vengas*. "Kafin ka zo", *antes de que vengas*. "Ya kamata ka huta", *Es necesario que descanses*. A duk waɗannan, inda Bahaushe ya sa umartau, mutumin Sifaniya ya sa subhuntibo. Har addu'a ma. Kalmar da suke buɗe fata da ita, *ojalá*, wadda ake furtawa kamar "ohala", daga Larabcin Andalus ta fito, ma'anarta ta asali "in Allah ya so", kuma ba ta taɓa ɗaukar indikatibo. *Ojalá llueva* daidai yake da "Allah ya sa a yi ruwa". Musulmi sun bar mulkin Garnaɗa a 1492, amma wannan kalma tana bakin kowa daga Sabiya har Meziko.

To daga nan ramukan suke farawa. Na farko ɗan ƙarami ne amma yana yawan kamu. Bahaushe yana cewa "ina so ka zo", yana kuma cewa "ina so in zo", umartau a duka biyun. Sifaniyanci bai yarda ba. In mai son da mai zuwan mutum ɗaya ne, sai a bar aikatau a tushensa: *Quiero venir*. Subhuntibo ba ta shigowa sai mai aiki ya sauya. Ɗalibin da ya rubuta *quiero que yo venga* ya fassara Hausarsa kalma da kalma, kuma mai duba takarda zai gani nan take.

Babban ramin kuwa kalmar "idan" ce. Hausa tana ɗora mata kaya biyu. "Idan ka zo, za mu ci tuwo" na iya nufin zuwan naka tabbas ne, lokacinsa kawai ake jira. Yana kuma iya nufin ƙila ka zo, ƙila ba za ka zo ba. Mai sauraro daga yanayin magana yake ganewa. Sifaniyanci ya raba kayan biyu ga kalmomi biyu, *cuando* ta lokaci da *si* ta sharaɗi, sannan ya yi abin da ke ɗaure kan duk wanda aka koya wa cewa subhuntibo ta shakka ce. *Cuando*, wadda ke nuna zuwan tabbas ne, ita ke ɗaukar subhuntibo: *Cuando vengas, comeremos*. *Si*, wadda ke cike da kokwanto, indikatibo take ɗauka: *Si vienes, comeremos*. *Si vengas* kuskure ne, *cuando vendrás* a irin wannan jimla shi ma kuskure ne. Hausa ba ta taimako a nan ko kaɗan, domin bayan "idan" shuɗaɗɗen lokaci take sawa: "idan sun zo", ba "idan su zo" ba. Ɗalibin da ke sauraron kunnensa na Hausa ba zai ji umartau ba, don haka ba zai tuna da subhuntibo ba.

Kuma ba kullum *cuando* ke jan subhuntibo ba. Sai in lokacin da ake magana a kai bai zo ba. *Cuando llueve, no salgo*, "in ana ruwa ba na fita", al'ada ce da ke maimaituwa, saboda haka indikatibo. *Cuando llegué, dormían*, "da na iso suna barci", abu ne da ya wuce, shi ma indikatibo. Amma *Cuando llueva, sembraremos*, "in ruwa ya sauka za mu yi shuka", daminar ba ta zo ba, saboda haka subhuntibo. Dabarar gane amsa a gurbin jarrabawa ita ce a bar *cuando* ɗin a dubi ɗaya ɓarin jimlar. In aikatau na can yana nuna gaba, ko umarni ne, to gurbin subhuntibo yake so. Haka dokar take ga *hasta que*, "har sai", da *en cuanto*, "da zarar".

Ɗaliban Nijar da Kamaru da Cadi da suka yi boko da Faransanci suna da tasu ƙaddarar. Sun san subhuntibo daga makaranta, amma Faransanci yana sa lokaci na gaba bayan *quand*, shi ya sa hannunsu ke zamewa zuwa *cuando vendrás*. Faransanci kuma yana bin *espérer que* da indikatibo, alhali "ina fata ka zo" a Sifaniyanci *espero que vengas* ne. A wannan gaɓar Hausarsu ta fi Faransancinsu yi musu rana.

Ita *si* tana haɗuwa da subhuntibo a wuri guda, wato inda Bahaushe zai ce "da". "Da ina da kuɗi, da na tafi" shi ne *Si tuviera dinero, iría*. Hausa ta riga ta raba "idan" da "da", don haka ɗalibi yana iya gwada jimlar a ransa: in "idan" ta dace, indikatibo, in "da... da" ta dace, sigar *ra*. Haka ma *aunque*. *Aunque llueve, salgo* shi ne "ko da yake ana ruwa, zan fita", ruwan yana zuba. *Aunque llueva, saldré* shi ne "ko da za a yi ruwa, zan fita".

Akwai kuma inda abin ya faru ƙarara, kowa ya gani, amma subhuntibo ake sawa. "Na ji daɗi da ka zo": mutumin yana tsaye a gabanka, babu wata shakka. Duk da haka *Me alegra que hayas venido* ake cewa. Dalili shi ne ba labarin zuwansa kake ba shi ba, ya fi ka sani. Labarin da kake bayarwa jin daɗinka ne, shi ya sa *alegra* ke indikatibo, zuwan kuma ya koma abin ambato. Duk jimlar da ta fara da hukunci ko motsin rai haka take: *es una pena que*, *me molesta que*, *es injusto que*. Ra'ayi kuwa yana juyawa da kalmar korewa. *Creo que viene*, "ina jin zai zo", indikatibo ne, ko da mai maganar bai tabbata ba, domin ya sa hannu a kan zatonsa. *No creo que venga*, "ba na jin zai zo", subhuntibo ne, domin ya janye hannun. Wanda ke son ƙarin shaidar cewa dokar shakka ba ta tsayawa da ƙafarta, ya dubi kalmomin "wataƙila". *Quizás* tana ɗaukar kowace siga, *a lo mejor* kuwa, mai ma'ana ɗaya da ita, indikatibo take bi.

Yadda duk wannan ke haɗuwa a takarda ɗaya ya fi fitowa a aikin farko na rubutun B2, inda ake saurarar wani saƙo sannan a rubuta wasiƙa ta hukuma a kansa, sau da yawa ta ƙorafi. A ɗauka saƙon ya ce hukumar gari za ta rufe laburaren unguwa saboda ƙarancin kuɗi, ɗaliba kuma tana da kalma 180 ta kai kukanta.

Ta buɗe da dalilin wasiƙar: *Les escribo porque me he enterado de que van a cerrar la biblioteca*, "ina rubuto muku ne saboda na sami labarin za ku rufe laburaren". Akwai *que* a ciki, amma labari ne, don haka *van*, ba *vayan* ba. Wannan wuri yana kama waɗanda suka yi karatun subhuntibo har ya yi musu yawa, suna ganin *que* sai su juya wasali. Sai ta yanke hukunci: *Me parece injusto que cierren el único lugar tranquilo del barrio*, "ina ganin rashin adalci ne ku rufe wuri ɗaya tilo mai natsuwa a unguwar". Rufewar tabbas ce, amma hukunci ya riga ta, saboda haka *cierren*. Ga shi Hausar ma "ku rufe" ta ce. Ta musanta hujjarsu: *No creo que el dinero sea el único motivo*, "ba na jin kuɗi ne kaɗai dalili". Da ta cire *no*, dole *sea* ya koma *es*.

Jimla ta huɗu ita ce wadda ake tsoro. Tana so ta ce "idan jarrabawa ta zo, ɗalibai ba za su sami wurin karatu ba". Jarrabawa za ta zo ko ana so ko ba a so, saboda haka wannan "idan" ta lokaci ce, *cuando*. Ɗaya ɓarin jimlar yana nuna gaba. Amsa: *Cuando lleguen los exámenes, los estudiantes no tendrán dónde estudiar*. A lura da *u* da ta shigo cikin *lleguen*, ba a furta ta, tana nan ne don *g* ta riƙe sautinta a gaban *e*, kamar yadda *buscar* ke ba da *busque*. Daga nan ta kawo shawara da "da": *Si el ayuntamiento escuchara a los vecinos, encontraría otra solución*, "da hukumar gari za ta saurari mazauna unguwa, da ta sami wata mafita". Ta rufe da roƙo: *Les pido que reconsideren su decisión*, "ina roƙon ku ku sake duba shawararku".

Jimla shida, subhuntibo biyar, kowacce da dalilinta daban. Masu duba rubutun DELE ba kurakurai kaɗai suke ƙirgawa ba, suna kuma auna faɗin harshen da mutum ya nuna. Wanda ya ji tsoro ya kauce wa subhuntibo gaba ɗaya, ya cika takardarsa da gajerun jimlolin labari, ƙila babu jan biro ko ɗaya a jikinta, amma ta yi kama da ta ɗan A2. Wannan wayon ci ne da ba ya kai mutum ko'ina a B2.

Da a ce ɗalibar tana ba da labarin wata wasiƙa da ta rubuta bara, da wani ramin ya buɗe. Umartau ta Hausa ba ta damu da lokaci ba: "ina roƙon ku ku duba", "na roƙe ku ku duba", "ku duba" ɗin bai motsa ba. A Sifaniyanci in babban aikatau ya koma baya, subhuntibo ma tana bin sa: *Les pido que reconsideren* ya zama *Les pedí que reconsideraran*. Gurabe 14 na takardar karatu suna son wannan tarko, domin sukan jera indikatibo ɗaya da subhuntibo biyu, ta yanzu da ta da. Ɗalibi ya gane subhuntibo ake so, ya yi murna, ya zaɓi ta farko da idonsa ya faɗa a kai, bai koma ya dubi lokacin babban aikatau ba.

Jarrabawar baka ta fi takura, domin babu gogewa da sake rubutu. A B2 ana ba da minti 20 na shiri da kamar minti 20 na ganawa, malami ɗaya yana tattaunawa da ɗalibi, wani yana gefe yana ba da maki. Aikin farko shi ne a ba mutum wata matsala da jerin shawarwarin magance ta, ya faɗi alfanu da illar kowacce. Ba a iya yin wannan ba tare da "ya fi kyau su...", "ba na jin zai...", "da ni ne, da..." ba, wato *es mejor que*, *no creo que*, *si yo fuera*. Wanda sai ya tsaya ya lissafa wasali a ransa kafin ya buɗe baki, lokacin ya tafi. Shi ya sa haddace dogon jerin kalmomin da ke jan subhuntibo bai kai maimaita cikakkun jimloli da ƙarfi amfani ba, har bakin ya saba da *cuando tenga tiempo* kamar yadda ya saba da "in na sami lokaci".

Wuri ɗaya da ya rage mai daɗin sani shi ne neman abin da ba a tabbatar akwai shi ba. Maras lafiya a asibitin Barsalona da ya ce *Busco a un médico que habla hausa* ya san likitan, ƙila sunansa ne ya ɓace masa. In ya ce *Busco un médico que hable hausa*, kowane likita mai jin Hausa yake nema, in ma akwai. A Hausa "ina neman likita mai jin Hausa" ta haɗe su biyun, sai dai a ƙara "nan" ko "kowane".

Sakamakon DELE kalma ce kawai, APTO ko NO APTO. Ana buƙatar maki 60 cikin 100, kuma dole a sami aƙalla 30 cikin 50 a kowane rukuni biyu, karatu da rubutu a gefe guda, sauraro da magana a ɗaya gefen. Rarar maki a wani rukuni ba ta cike giɓin ɗayan. Ga mai shirin zama, ya ware minti biyar na ƙarshe daga cikin 80 ɗin rubutu, ya bi takardarsa ya tsaya a kan kowace *que*, kowace *cuando* da kowace *si*, ya tambayi kansa da Hausa: "sun zo" nake nufi ko "su zo", "idan" ta lokaci ce ko ta sharaɗi, kuma babban aikatau yau yake magana ko jiya.